PVC, baƙar roba ko ƙarfe: wane bututu ya dace da ruwan gidanka?

Duk wanda ya taɓa tashi ja wa gidansa ruwa ya ci karo da wannan muhawara. Wani mai aikin famfo zai ce maka ka sa ƙarfe ka huta, don shi ne ba ya fashewa. Wani zai ce ƙarfe ya zama tsohon yayi, tsatsa kawai za ka sha, PVC ake yayi. Na uku kuma zai ɗauko maka naɗin baƙar roba, ya ce daga ita babu wata. Kowannensu yana da gidan da zai nuna maka a matsayin shaida, kuma kowannensu yana da gidan da bututun abokin hamayyarsa ya ba da kunya. To wa ya fi gaskiya?

Abin da ke jawo ruɗanin shi ne ana neman amsa ɗaya ga gida sukutum, alhali layin ruwan gida kashi-kashi ne. Akwai wanda ke binne a ƙasa, akwai wanda ke tsaye a rana yana hawa tanki, akwai na cikin bango, akwai kuma mai ɗaukar ruwan zafi. Abin da ke kashe bututu a kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare daban ne. Da zarar ka raba layin haka, yawancin gardamar takan mutu da kanta.

Mene ne kowannensu?

PVC ɗin da ake jan ruwa da shi roba ce mai tauri, fara ko toka-toka ko shuɗiya, tana zuwa a miƙe sanda-sanda, galibi mita shida kowace. A jikinsa za ka ga an rubuta PVC-U ko uPVC, ma'ana ba a zuba masa sinadarin tausasawa ba. Da gam ake haɗa shi. Tsatsa ba ta san hanyarsa ba, cikinsa sumul yake, amma ba ya son zafi, ba ya son duka.

Baƙar robar nan da ke zuwa a naɗe, mita hamsin ko ɗari a naɗi guda, ita ce foli'itilin, wadda ake rubuta wa PE ko HDPE. Tana lanƙwasuwa, tana jure duka da motsin ƙasa. Baƙin nata ba ado ba ne: garin gawayi na musamman ne ake gauraya mata, kashi biyu zuwa biyu da rabi cikin ɗari, don kare ta daga hasken rana. Gam ba ya kama ta ko kaɗan. Ko dai a haɗa ta da mahaɗa masu murɗawa su matse, ko a narka bakunan da na'ura su zama ɗaya.

Na ukun ƙarfe ne da aka tsoma a narkakkiyar tutiya, wato zinki, ta rufe shi ciki da waje. Shi ake kira galbanaiz. Ana yanka masa zare a baki a ɗaura da mahaɗa. A ƙarfi da juriyar wuta babu mai kamo ƙafarsa cikin ukun. Sai dai tsawon ransa a jikin wannan siririn rufin yake, kuma rufin ƙarewa yake yi.

Rubutun jikin bututu ya fi sunansa muhimmanci

Yawancin labaran da ake bayarwa cewa PVC ba shi da ƙarko, idan aka bincika, za a tarar ba PVC na ruwan famfo aka sa ba tun farko. Akwai PVC na magudanar ruwan datti, akwai na jan wayar lantarki, duk kamanninsu ɗaya da na famfo ga wanda bai sani ba, amma bangonsu siriri ne domin ba a yi su don ruwa mai matsi ba. Haka ma baƙar roba: akwai ta ban ruwan lambu, wadda wani lokaci daga tsohuwar roba aka sake narkawa, kuma ba ta da hurumi a layin ruwan sha.

Abin dubawa shi ne alamar PN da lambar da ke biye da ita. PN 10 na nufin bututun zai ɗauki matsin bar 10, PN 16 kuma bar 16. Don gane abin da bar yake nufi a aikace, riƙe wannan: duk mita goma na tsayin ruwa yana ba da kusan bar ɗaya. Tankin da ke sama da famfo da mita biyar rabin bar kawai yake bayarwa. A jikin baƙar roba za ka ƙara ganin SDR, wanda ke nuna sau nawa faɗin bututun ya ninka kaurin bangonsa, don haka ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Roba mai alamar PE100 da SDR 17 ita ce PN 10, mai SDR 11 kuma PN 16. A wasu ƙasashen ana rubuta wa PVC ajinsa da haruffa ko da alamar SCH 40 da SCH 80, amma maganar ɗaya ce. Bututun ƙarfe ma yana da aji uku, mara nauyi da matsakaici da mai nauyi, kuma a tsohon tsarin Birtaniya ana zagaya musu fenti ruwan ƙasa, shuɗi da ja bi da bi.

Bututun da babu rubutun komai a jikinsa, ko rubutun ya tsaya ga sunan kamfani kawai, ni dai ba zan binne shi a bangona ba, ko da wa ya rantse mini a kansa.

Akwai sharaɗin da ba a cika faɗa ba. Wannan lamba ta PN an auna ta ne a kan ruwa mai sanyi, digiri 20 a ma'aunin Salshiyas ga baƙar roba, har zuwa digiri 25 ga PVC. Da zafi ya ƙaru ƙarfin sai ya ragu. PVC a digiri 35 kashi tamanin cikin ɗari na ƙarfinsa ya rage masa, a digiri 45 kuwa bai kai kashi biyu bisa uku ba. Baƙar roba a digiri 40 tana riƙe da kusan kashi uku bisa huɗu. Bututun da ya wuni kwance a rana da ruwa tsaye a cikinsa kaiwa irin wannan zafi ba wuya ba ne. Ƙarfe shi bai san da wannan matsala ba.

Misali: daga rijiya zuwa tanki

A ɗauki gida mai rijiyar burtsatse. Ruwan yana mita 30 ƙasa, injin da aka jefa ciki kuma iyakar turinsa mita 80 ne. Daga bakin rijiya zuwa gindin tanki mita 40, sannan ruwa ya hau mita shida ya zuba.

Yayin da ruwa ke zuba a tanki, matsin da ke kan layin ɗan kaɗan ne, bai wuce bar ɗaya zuwa biyu ba, kuma kowane bututu zai ɗauka. Hatsarin yana zuwa ne ranar da wani ya rufe bawul ya manta inji na aiki, ko ƙwallon tanki ya rufe ba tare da inji ya mutu ba. A lokacin injin zai tura iya ƙarfinsa. Cire mita 30 na zurfi daga 80, saura 50, wato bar biyar a saman ƙasa.

Yanzu a ce an sa PVC mai PN 6 don a rage kashe kuɗi, an kuma bar shi a fili. A takarda shida ta fi biyar, shi ke nan. Amma da tsakar rana, bututun ya kai digiri 45, ƙarfinsa ya sauko ƙasa da bar huɗu. Ba lallai ya fashe ranar farko ba. Zai yi ta ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa har wata rana ya tsage a tsaye, galibi kusa da mahaɗa. Mai gida sai ya ce PVC banza ne. Da PN 10 aka sa, a wannan zafin yana da sama da bar shida, ya tsira amma da ƙyar, don ba a lissafa bugun da ruwa ke yi idan aka rufe bawul farat ɗaya ba. Wannan bugun, da ake jin ƙararsa kamar an daki bututun, PVC ne ya fi jin jikinsa, domin ita baƙar roba takan ɗan buɗe ta shanye shi.

A wannan zangon na mita 40, zaɓin da ya fi hankali shi ne baƙar roba PE100 mai PN 16, ko aƙalla PN 10, a binne. Babban dalilin ma ba ƙarfi ba ne, mahaɗa ne. Idan da PVC ko ƙarfe za a ja mita 40, sanda bakwai ake buƙata, wato mahaɗa shida a ƙarƙashin ƙasa kafin a ƙirga na kwana, kuma yawancin yoyon da ke faruwa a mahaɗa yake farawa. Naɗin roba kuwa zai tafi daga rijiya har gindin tanki da mahaɗa biyu kacal, duka a inda ido ke gani. Ko kwana aka zo, lanƙwasa ta ake yi a hankali, muddin ba a matse lanƙwasar ba. Ga mai faɗin milimita 32, a ba ta kusan santimita 80 daga tsakiyar kwanar. Idan aka tanƙwara ta har ta karye ta yi fari a wurin, a yanke wurin a jefar.

Ramin ya kai aƙalla rabin mita, ya fi haka a inda mota ke bi, kuma a ƙasashen da ƙasa ke daskarewa dole a wuce iyakar ƙanƙara. A shimfiɗa yashi a ƙasa, a rufa yashi a sama, kada a bar dutse mai kaifi ya jingina da bututun. Kuma kada a ja ta ta miƙe tsam, a bar ta tana ɗan karkacewa cikin ramin. Dalili kuwa, wannan roba tana miƙewa da zafi fiye da yadda ake zato. Mita talatin nata, idan zafi ya canza da digiri talatin tsakanin rana da dare, tsawonta zai iya canzawa da kusan santimita 18. PVC a wannan hali kusan shida zai yi, ƙarfe kuwa ɗaya da 'yan kai. Wanda ya ɗaure ta tsam da rana tsaka, da asuba zai iya tarar ta zame daga mahaɗa.

Rauni ɗaya take da shi a ƙasa wanda ya kamata a sani. Fetur, gas da makamantansu suna iya ratsa jikinta su shiga ruwa ba tare da ta huje ba. Idan layin zai bi ta wurin ajiye janareta, garejin gyaran mota ko inda aka taɓa zubar da mai, a kauce wa wurin, ko a yi wannan zangon da ƙarfe ko da robar da aka yi wa shinge na musamman a jikinta.

Shi kuma mita shidan da ke hawa tanki, a fili yake, rana na dukansa, iska na kaɗa shi, ana jingina tsani da shi. A nan ne ƙarfe yake da hujja mai ƙarfi, musamman a ƙasa-ƙasa inda yara, dabbobi ko abin hawa za su iya bugunsa. Baƙar roba ma za ta iya, idan aka ɗaure ta kusa-kusa don kada ta yi ta lilo. PVC in dai dole ne sai da shi, a shafe shi da fentin ruwa mai haske. Rana tana cinye fatarsa a hankali: launin ya koɗe, ya yi gari-gari a hannu, kuma ko da yake zai ci gaba da riƙe ruwa, ƙaramin bugu ya isa ya fasa shi. Fentin yana da wani amfanin, domin farin bututu mai siririn bango yakan bar haske ya ratsa, gansakuka ta tsiro a ciki.

Daga tanki zuwa famfo: inda faɗi ya fi ƙarfi

A wannan ɓangaren lissafin juyawa yake. Matsi ya yi kaɗan, babu bututun da zai fashe. Abin tsoro shi ne ruwan ya rasa ƙarfin fitowa.

A gidan misalin namu, gindin tanki yana mita shida, kan shawa yana mita biyu daga ƙasa. Saura mita huɗu, su ne duk jarin da ake da shi. Tsawon layi daga tanki zuwa banɗaki mita 20 ne, kuma ana so famfo biyu su yi aiki tare, wato kusan lita 18 a minti. Duk ruwan da ke gudu cikin bututu yana gogar bango, wannan gugar kuma tana cin wani abu daga cikin mita huɗun nan. Tambayar ita ce nawa za ta ci.

Idan aka ja layin da robar da ramin cikinta milimita 16 ne, wato irin mai rabin inci, guga za ta cinye sama da mita uku. Ƙara da abin da mahaɗan kwana da bawul za su ci, babu abin da ya rage wa shawa. Idan ramin ya kai milimita 20, asarar mita ɗaya ce da ɗan ɗoriya. Idan ya kai 26, ba ta kai rabin mita ba. Dubi yadda ƙarin milimita huɗu kacal ya rage asarar zuwa kashi ɗaya bisa uku. Shi ya sa babban layin da ke saukowa daga tanki ya kamata ya zama inci ɗaya ko fiye, a rage shi zuwa uku bisa huɗu a rassa, rabin inci kuma sai a ɗan guntun da ke shiga famfo.

A kula da wani tarko wajen saye. Lambar da ke jikin baƙar roba faɗin waje take nufi. Mai lamba 25 da SDR 11 ramin cikinta kusan 20 ne, mai lamba 32 kuma kusan 26. Wanda ya sayi mai lamba 25 yana zaton ya sayi inci ɗaya, abin da ya samu bai wuce uku bisa huɗu ba.

To ina ƙarfe a wannan lissafin? Sabon bututun ƙarfe mai uku bisa huɗu na inci, asararsa a wannan layi mita ɗaya ce da ɗan ɗoriya, kusan daidai da roba. Bambancin sai shekaru sun tafi. Tutiyar da ke ciki aikinta shi ne ta ci kanta domin ƙarfen ya tsira, kuma ran da ta ƙare tsatsa ke karɓar wurin. Tsatsar cikin bututu ba ta kwanciya sumul, tana tasowa ƙulu-ƙulu ta cika hanya, kamar yadda jijiyar jini ke toshewa da kitse. A ce ta yi kaurin milimita biyu kewaye. Ramin ya koma ƙasa da 18, ga kaushi, kuma don a tura lita 18 ɗin nan a minti sai an yi asarar sama da mita shida. Mita huɗu ake da su. Sakamakon shi ne abin da mazauna tsofaffin gidaje suka sani sarai: a buɗe famfon kicin, shawa ta koma ɗigo. Ana ta zargin tanki da inji, alhali cutar na cikin bango.

Yaushe hakan zai faru ya danganta da ruwan. Ruwa mai ɗan tsami, ko mai gishiri, ko mara sinadarin alli, yana cin tutiya da wuri, wani lokaci cikin 'yan shekaru. Ruwa mai alli yakan shafa wa cikin bututun wani farin ɓawo da ke kare shi, har ya yi shekaru arba'in ko hamsin. Wannan ne ya sa masu yabon ƙarfe da masu kushe shi duka suke da gaskiya, kowa ruwan da ya sani yake ba da labari. Ruwan zafi ma yana gaggauta lalacewar, domin daga wajen digiri 60 tutiya kan daina kare ƙarfen a wasu ruwayen. Haka nan idan aka ɗaura shi kai tsaye da bututun jan ƙarfe, shi galbanaiz ɗin ne zai cinye a mahaɗar.

Gane ƙarfen da ya gaji ba wuya. Ruwan farko da safe yana fitowa ja-ja sannan ya washe. Farin kwanon wanke hannu da fararen tufafi suna yin tabo. Ana ganin tsatsa da danshi a bakin mahaɗa, domin wurin da aka yanka zare an kankare tutiyar kuma an rage kaurin ƙarfen, don haka nan ne yake fara hujewa. Gwaji mafi sauƙi shi ne a ɗauki bokiti mai lita goma, a duba daƙiƙa nawa yake cika a famfon da ya fi kusa da tanki, a sake dubawa a na can ƙarshe. Idan tazarar ta yi yawa kuma an tabbatar rariyar bakin famfon ba ta toshe ba, to a kwance mahaɗa ɗaya a leƙa ciki.

Saboda haka a cikin gida, ga ruwan sanyi, PVC na famfo ya fi dacewa a cikin ukun. Yana tafiya a miƙe, mahaɗansa ƙanana ne masu shiga bango, cikinsa kuma ba ya canzawa da shekaru. Mahaɗan baƙar roba masu murɗawa ƙatta ne, kuma bai kamata a rufe su da siminti inda ba za a iya komawa a ƙara matse su ba.

Ruwan zafi fa?

Babu ɗaya cikin ukun da ya dace da shi sosai. PVC iyakarsa digiri 60, kuma kafin ya kai nan ya riga ya rasa mafi yawan ƙarfinsa, sai ka ga ya yi ciki tsakanin maɗaurai. Baƙar roba ta ruwan sanyi ce. Ƙarfe zai jure zafin amma zai tsufa da wuri. Layin da ya fito daga hita aikin wasu ne: robobin da aka yi don ruwan zafi, wato CPVC, PPR da PEX, ko kuma jan ƙarfe.

Maganar lafiya

Tsoron da ake yi cewa roba tana zuba guba a ruwa yana da tushe, amma an faɗaɗa shi. An daɗe ana sa sinadaran dalma a PVC don ya jure zafin sarrafawa, kuma masana'antun Tarayyar Turai sun kammala daina hakan ne a 2015. Ba ko'ina aka daina ba, kuma bututun da ba a yi don ruwan sha ba babu wanda ya yi alkawari a kansa. Kariyar mai saye ita ce shaidar ruwan sha da aka buga a jikin bututun, irin NSF/ANSI 61 ko WRAS, ko tambarin hukumar ingancin kaya ta ƙasarsa. A baƙar roba, shuɗin layi a jiki alamar ruwan sha ce, rawaya kuma ta iskar gas.

Shi ma ƙarfe ba a wanke yake ba. Tsatsa ita kanta ta fi ɓata launi da ɗanɗano fiye da cutarwa. Abin damuwa shi ne tutiyar tsofaffin bututu takan ƙunshi ɗan dalma, kuma ɓawon tsatsa yakan riƙe dalmar da ta biyo ruwa daga wani wuri ya riƙa sakinta daga baya. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa dalma a ruwan sha maikirogiram 10 ne a lita, kuma ba a ganinta ba a jin ɗanɗanonta, sai dai gwaji. Gidan da ke da tsohon layin ƙarfe da ƙananan yara ya cancanci a kai ruwansa a auna.

Inda aiki ke ɓacewa: mahaɗa

Gam ɗin PVC ba liƙa yake yi ba, narkar da fatar bututun da ta soket, wato mahaɗar da ake cusa shi ciki, yake yi su haɗe. Shi ya sa matakan suke da muhimmanci. A yanka bakin daidai ba a karkace ba, a kankare ɓurɓushin, a ɗan fere gefen don kada ya share gam yayin shiga. A goge ƙura da danshi, a shafa gam a jikin bututu da kuma cikin soket, a tura har ƙarshe tare da ɗan murɗawa, a riƙe kamar daƙiƙa talatin don kada ya turo kansa waje. Sannan a ba shi lokaci. Barin sa kwana guda kafin a sakar masa cikakken matsi shi ne mafi aminci. Gam ɗin da ya yi kauri ya daskare a gwangwani ya mutu, ƙara masa wani abu ba ya tashinsa. Dabarar nan kuma ta gasa bakin bututu a wuta a cusa wani ciki don gudun sayen soket, tana ƙona robar ta raunana ta a daidai wurin da ake buƙatar ƙarfi.

Inda roba ta haɗu da ƙarfe akwai ƙa'ida ɗaya da ake yawan karyawa: zaren roba ne zai shiga cikin na ƙarfe, ba na ƙarfe ya shiga cikin na roba ba. Zaren bututu tsukakke ne a baki yana ƙara kauri, don haka idan aka ɗaura ƙarfe cikin soket na roba, kowane murɗi buɗa shi yake yi, har ya tsage, wani lokaci bayan watanni. A naɗa farin tef, a ɗaura da hannu, a ƙara zagaye ɗaya ko biyu da sifana, a tsaya.

Mai shirin cire tsohon ƙarfe ya sa roba ya tuna da wani abu da ba na ruwa ba. A gidaje da yawa, musamman tsofaffi, an ɗaura wayar kariyar lantarki a jikin bututun ƙarfe don ya kai ta ƙasa. Da an yanke tsakiya an sa roba, wannan hanya ta katse ba tare da kowa ya lura ba. A kira mai aikin lantarki ya duba kafin a rufe aikin.

Kafin a mayar da ƙasa cikin rami ko a shafe bango da siminti, a gwada layin. A toshe bakuna, a cika shi da ruwa daga ƙasa a fitar da iska ta famfon da ya fi tsayi, a ɗaga matsin da famfon gwaji zuwa ninki ɗaya da rabi na abin da zai riƙa ɗauka, a bar shi aƙalla awa guda ana duban agogon matsi, ana bin mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da busasshen tsumma. A baƙar roba allurar takan ɗan sauka da farko saboda bututun yana buɗewa, sannan ta tsaya. Idan ta ci gaba da sauka, akwai yoyo. Da ruwa ake wannan gwaji, ba a yin sa da iskar kwamfaresa, domin PVC idan ya fashe da iska tarwatsewa yake yi, ɓaraguzansa masu kaifi su watsu.